Tambarin NAFDAC a hoton kwalin magani: me yake nunawa, me ba ya nunawa?

Da damina ta kankama, masassarar cizon sauro ta shiga gidaje, hotunan kwalin magani sukan yi ta yawo a wayoyinmu. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, ko ɗan uwa da ya je Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ya turo hoto ta Wasap, ya biyo da murya: “Hajiya, ki duba, akwai NAFDAC a jiki, mai kyau ne.” Daga Agye zuwa Gazawa, har Tsibiri da Gidan Rumji, wannan magana ta zama kamar rantsuwa. Wasu daga cikinmu har bashin asusu suke ɗauka su saya.

NAFDAC hukuma ce ta Najeriya, an kafa ta a 1993 don ta sa ido a kan abinci, magani da kayan shafa. Abin da take bai wa kamfani lamba ce ta rajista. A jikin kwali za ku ga an rubuta NAFDAC Reg. No., sai lambar ta biyo. Ta magani takan fara da 04, ko A4, ko B4, sai ɗan layi, sai sauran lambobi. Kowace lamba ta kaya ɗaya ce tak, mai suna ɗaya da ƙarfi ɗaya, kuma ana sabunta rajistar duk shekara biyar. Saboda haka kalmar NAFDAC kaɗai, ko zanen tambarinta ba lamba, ba su ce komi ba. Duk mai injin buga takarda zai iya buga su.

Ba zato muke ba, an yi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta yi gargaɗi a kan jabun Coartem, sanannen maganin masassara, da ke yawo a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Kwalayen sun fito tsaf, wasu da koren ganyen nan na shirin sauƙaƙa kuɗin magani, wasu da hatimin NAFDAC na bogi. Da aka auna ƙwayoyin, ba maganin a ciki. Mu ma nan Nijar, a 2015 da 2019 an kama jabun allurar rigakafin sanƙarau, ita ma da suna da lambobi a jiki kamar na gaske.

To yaya za mu yi da hoton in ya zo? Mu ɗauki misali. An turo muku hoton gaban kwali, an rubuta Artemether/Lumefantrine 20/120, ƙwaya 24, wato na babba. Gaban kwali ado ne, aikin yana gefe da baya. Ku ce a ƙaro hoto uku: gefen da ke da lambar rajista da kwanan wata, bayan da ke da sunan kamfani da adireshinsa, da kuma katin ƙwayoyin da aka zaro daga ciki, ta bayansa. A ɗauka da rana, kusa, a kan tabarmarsa ko a hannunsa. Hoton da ya fito fari fes ba inuwa, daga intanet aka kwaso shi, ba kayan da ke shagon ba ne. Mai kayan da ya fara cewa “ke dai ki yarda da ni”, ya riga ya ba ku amsa.

In hotunan sun zo, ku fara da abin da ido ke iya kamawa. Akwai lambar rukunin da aka sarrafa tare, ana rubuta ta Batch No. ko Lot. Dole wadda ke kan kwali ta zama ita ce a kan katin ƙwayoyin, harafi da harafi. Haka ranar yi, Mfg., da ranar lalacewa, Exp. In kwali ya ce 08/2027, kati ya ce 03/2026, an haɗa kwalin wani da cikin wani, magana ta ƙare. Ku buɗa hoton da yatsu biyu ku duba wurin kwanan wata: an liƙa ƴar takarda a kai? An kankare? Sunan maganin ya rasa harafi? Wadda ba ta yi boko ba ma tana iya wannan, tunda kwatanta zane da zane ne; in ya gagara, sakatariyar ƙungiya ko ɗiyar da ke kwalej ta kama mata.

Sai babban aikin, wato bin lambar rajista. NAFDAC na da kundin magungunan da ta yi wa rajista a greenbook.nafdac.gov.ng, kuma wayar da ke da intanet tana buɗe shi daga nan. A rubuta lambar kamar yadda take a hoto. In ba abin da ya fito, a dakata da saye. In ya fito amma da sunan wani abu daban, misali maganin tari, ko kuma kamfanin da ba shi ne a kwalin ba, to lambar aro ce aka liƙa, kuma wannan dabara ce da masu jabu suka saba. In suna, ƙarfi da kamfani duk sun dace, mun san abu guda: akwai magani na gaske mai wannan lamba. Ba mu san ko wannan kwalin na cikinsu ba ne, don ɓarawo mai wayo yana kwafe lambar gaskiya ya buga a kwali dubu. Hoto na iya kayar da kaya, amma ba ya iya wanke su.

Don toshe wannan kafa ne NAFDAC ta fito da tsarin kankarewa a 2010. A kwalin maganin masassara da yawa na Najeriya akwai wani ɗan wuri mai ruwan azurfa, irin na katin waya. A kankare, a tura lambar da ke ƙasa ta saƙo zuwa gajerar lambar da aka rubuta a gefe, kamar 38353, amsa ta dawo. Kowane kwali da tasa lambar, sau ɗaya take aiki. Abu biyu za mu riƙe a nan. In hoto ya nuna an riga an kankare, wurin ya tashi aiki. Sannan gajerun lambobin na layukan wayar Najeriya ne, don haka wanda ke can, a Katsina ko Jibiya, shi zai tura a gaban mai shagon kafin ya biya.

Akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, kuma muna jin sa a taron mako. Wata ta karɓo magani daga CSI, ta ga rubutun faransanci ba NAFDAC, ta ce jabu ne. A'a. NAFDAC ta Najeriya ce, ba ita ke ba da izini a Nijar ba. Mu namu izinin sayarwa ana ce masa AMM, hukumar ANRP ke kula da shi, kuma ba kullum ake buga lambarsa a kwali ba. Maganin da ya shigo ta ONPPC zuwa CSI ko farmasi, hanyar da ya biyo ita ce shaidarsa. Haka kuma lambar NAFDAC ta gaskiya ba ta nufin Nijar ta yarda a sayar da shi a tebur ko a faranti ranar kasuwa, inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar. Zafi na rage ƙarfin magani ko da na kirki ne, wannan kuwa ba hoton da zai nuna shi.

Ra'ayinmu dai, kuɗin asusu kada su shiga fataucin magani. A bar su a gero, wake, man gyaɗa da kiwo. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi CSI a yi masa gwajin jini na yatsa kafin a ba shi komi, don ba kowace masassara ce ta sauro ba. In kuwa kwalin da kuke shakka ya riga ya shigo gida, kada ku yar. Ku kai wa majo ko mai farmasi, kwali da kati tare, ku nuna masa hotunan da aka turo, ku faɗa masa ranar da aka saya da kasuwar da aka saya.