Tallan da mai kaya ya ɓuya a bayansa

Duk wanda ya saba sauraren gidajen rediyonmu, ko yake duba shafukan talla a jaridun Hausa, ya san irin buɗewar nan ta "Ana farin cikin sanar da jama'a cewa...". Ta zama tamkar sallama, har kunne ya daina jin ta. A nawa ganin, daga wannan kalma ta farko, wato "ana", ciniki yake fara lalacewa, domin mai saye yana son ya san da wa yake magana kafin ya zura hannu a aljihu. Na daɗe ina gyara wa 'yan kasuwa rubutun talla, kuma illoli uku ne nake yawan cin karo da su: jimlar da ba ta faɗin mai aiki, jimlar da ta fi ƙarfin numfashi, da kalmomin kame-kame. Idan aka duba da kyau, uwarsu ɗaya ce, mai kaya ne yake tsoron a riƙe shi da maganarsa.

Bari in kawo misali don kada maganar ta tsaya a iska. Wani mai sayar da na'urorin hasken rana a Kano ya kawo mini abin da yake so a karanta masa a rediyo. Ga yadda ya rubuta:

"Ana farin cikin sanar da ɗaukacin jama'a cewa an samu isowar sababbin na'urorin hasken rana masu inganci waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda kuma ake sa ran za su iya taimakawa wajen rage matsalar rashin wutar lantarki a gidaje da shaguna, kuma ana iya samunsu a kan farashi mai ɗan rahusa, sannan za a yi ƙoƙarin kai wa mai saye har gida idan hali ya yi."

Kalmomi 69 ke nan, duk a jimla guda. Nahawunta lafiya lau, ladabinta kuma ba a magana. Amma mai karatu ya tambayi kansa: wa ke farin cikin? Wa ya shigo da kayan? Wa zai kai su gida? Sau shida aka yi amfani da lamirin nan da ba ya nuna kowa, wato "ana", "an", "aka", "ake", "ana" da "za a", kuma ko sau ɗaya mai shagon bai leƙo ba.

Masu koyar da rubutun Ingilishi sun daɗe suna gargaɗi a kan jimlar da ake juyawa a sa abin da aka yi wa aiki a gaba, a tura mai aikin baya ko a shafe shi. Hausa ba ta gina jimla kamar Ingilishi, amma tana da nata hanyar ɓoye mai aiki, ita ce wannan "an" da danginta. Kuma muna da dalilin son ta. Bahaushe yana jin nauyin cewa "ni na yi", yana ganin alfahari ne. Ga kuma sanarwar hukuma da katin gayyatar ɗaurin aure, waɗanda suka koya mana cewa magana mai daraja da "ana" take farawa. To, amma hukuma ba ciniki take nema ba, umarni take bayarwa, ko an ji daɗi ko ba a ji ba. Ɗan kasuwa kuwa amana yake nema, amana kuma mutum ake ba wa. Kowa ya san bambancin telan da ya ce "za a ɗinka" da wanda ya ce "zan ɗinka maka kafin Juma'a". Na farkon ya riga ya buɗe wa kansa ƙofar gudu tun bai karɓi yadi ba.

Gyaran ba shi da wuya. A bi rubutun da alƙalami, a ja layi a ƙarƙashin kowace "an", "ana", "aka", "ake" da "za a", sannan a tambaya: wane ne? Idan amsar ita ce mai kaya, a mayar da ita "mu". Idan mai saye ne, a yi masa magana kai tsaye. A nan Hausa tana tilasta zaɓin da Ingilishi ba ya yi, domin sai an tantance ko "ka" ne, ko "ki", ko "ku", kuma ina zargin gudun wannan zaɓi yana cikin abin da ke tura wasu zuwa "ana iya samu". Wanda ya san kayansa na matan gida ne ya ce "ki". Wanda kayansa na kowa ne ya ce "ku", ya haɗa jam'i da girmamawa.

Ba cewa nake a kori "an" daga Hausa ba. Akwai inda ta fi komai dacewa, wato inda mai aikin sananne ne ko kuma ba shi ne abin dubawa ba. "An ɗauke wuta" ba ta buƙatar ƙarin bayani a ƙasar nan. Haka nan aikatau irin su "dafu" da "gyaru" da "wanku", ko da yake ba sa faɗin mai aiki, ƙarfi suke ƙara wa magana, domin suna nuna aiki ya kai matuƙa. Mai sabulun da ya ce "kaya sun wanku" bai ɓuya ba, sakamako ya nuna. Inda "an" take ɓarna shi ne wurin alkawari: kawo kaya, gyara, mayar da kuɗi.

Tsawon jimla kuwa, ma'auninsa numfashi ne. A karanta da ƙarfi. Duk inda aka tsaya shan iska alhali ba a kai aya ba, jimlar ta yi tsawo. Masu jawo wannan su ne "waɗanda", "kuma", "sannan" da "domin", kowace tana ɗaura sabon kaya a kan jakin da ya riga ya gaji. Mai sauraren rediyo ba ya iya komawa baya ya sake ji, kuma sau da yawa yana tuƙi ne ko yana awo a shago. Kowace jimla ta ɗauki batu ɗaya, ta sauke, sannan ta gaba ta taso.

Inda na fi so mu daɗe shi ne kame-kame, don nan ne cutar ta fi ɓuya. A sake duba wannan gaɓa: "ake sa ran za su iya taimakawa wajen rage matsalar". Matakai huɗu ne tsakanin na'urar da haske. Ba ta kawar da matsalar ba, ragewa ce. Ba ita ke ragewar ba, taimakawa take. Taimakon ma ba tabbas, iyawa ce. Iyawar kuma sa rai ake yi. Na'urar da ke kunna fitila da gaske ta koma kamar jita-jita. Sai kuma "ɗan rahusa", da "ƙoƙarin kaiwa", da "idan hali ya yi". Danginsu su ne "wataƙila", "mai yiwuwa", "kusan", "a iya cewa" da "ɗaya daga cikin". Mai rubutu yana ganin tawali'u ya yi, mai saye kuwa abin da yake ji shi ne: mai kayan ma bai yarda da kayansa ba.

Sai dai goge kalmar kawai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne da yawa suke faɗawa rami na biyu. Suna cire "za su iya taimakawa", su sa "ƙarshen matsalar wuta har abada". An gudu ba a tsira ba, an bar kame-kame an koma cika baki. Kowace kalmar kame-kame tana zaune ne a gurbin wani adadi da mai kaya bai faɗa ba, don haka maganinta shi ne a nemo adadin. Claude Hopkins, a littafinsa na 1923 kan ilmin talla, ya ware babi guda a kan wannan batu, cewa yabo na gama-gari ba ya kama zuciyar mai saye kamar bayani ƙididdigagge. Don haka na zauna da mai shagon na yi masa tambayoyi. Fitila nawa take kunnawa? Awa nawa? Nawa ne kuɗinta? Ina da ina kuke kaiwa, cikin kwana nawa? Idan ta lalace fa? Duk yana da amsoshin a ka, bai dai taɓa tunanin su ne tallan ba. Ga abin da muka fitar:

"An ɗauke wuta? Kunna taka. Na'urarmu ta hasken rana tana kunna ƙwan fitila huɗu da fanka ɗaya, tana cajin waya. Idan ta cika, tana aiki awa shida. Kuɗinta naira dubu 150. Za mu kawo maka gida cikin kwana biyu a birnin Kano, mu haɗa maka kyauta. Idan ta lalace cikin shekara ɗaya, mu za mu gyara. Kira mu yau a wannan lamba."

Kalmomi 62 a jimloli takwas, mafi tsawonsu ba ta wuce kalma 15 ba. Tsawon bai ragu sosai ba, abin da ke ciki ne ya sauya. "An" guda ɗaya ta rage, a inda ta dace. Mun zaɓi "ka" saboda ya ce masu shaguna da magidanta ne suka fi zuwa wurinsa.

Mai karatu zai lura har yanzu akwai "idan" guda biyu, akwai kuma "a birnin Kano". Waɗannan sharuɗɗa ne, kuma sharaɗi daban yake da kame-kame. Sharaɗi yana faɗa wa mai saye iyakar alkawari, har ya iya gwadawa ya gani. Kame-kame kuwa hana shi sanin ko an yi alkawarin yake yi. "Idan ta cika" gaskiya ce da dole a faɗa, domin ranar da hadari ya rufe sama ko hazon hunturu ya yi kauri, batir ba zai cika ba, awa shida kuma ba za ta samu ba. Mai shagon ya nemi a saka "in sha Allahu" a wurin kai kaya, na ce masa ya saka, muddin "kwana biyu" tana nan a gefenta. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne a ambaci kalmar a cire ranar.

Akwai kuma fagen da doka ta sa wa alƙalami linzami. Tallan magani da abinci sai da amincewar NAFDAC, kuma tun 2022 hukumar ARCON ce ke kula da harkar talla a Nijeriya, bayan ta gaji APCON. Mai maganin gargajiyar da ya goge "yana taimakawa" ya rubuta "yana warkarwa" ba tare da hujja ba, ba gyaran salo ya yi ba, da'awa ya sauya, kuma ran mutane ne a ciki. A irin wannan wuri, kalmar taka-tsantsan tana zama daram.

Kafin a biya kuɗin iska ko na shafi, akwai gwajin da nake sa kowa ya yi. A karanta tallan sau ɗaya tak ga wanda bai san kasuwancin ba, ko maƙwabci ko yaron gida, sannan a tambaye shi: me ake sayarwa, nawa ne, me aka ce ka yi? Mun gwada rubutun farko a kan wani mai shayi da ke kusa da shagon, ya ce ya dai ji ana maganar wuta da ƙasashen waje. Da muka karanta masa na biyun, tambaya ya mayar mana: ko za ta iya ɗaukar firji? Ba za ta iya ba, kuma haka mai shagon ya faɗa masa.