Kalmomi Uku da Masu Buga Gem Ke Yawan Faɗa

Idan muna buga gem na faɗa a waya ko a gidan gem, mukan ji ana cewa hitbox, aggro da cooldown. Haka ake rubuta su a allo. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku ma'anarsu, kuma za mu yi misali da Minecraft.

Hitbox wani akwati ne da ido ba ya gani, wanda ke kewaye da jikin ɗan wasa ko dodo. Kwamfuta ba ta duba zanen da muke gani, akwatin take dubawa. In takobi ya taɓa akwatin, an yi sara. In bai taɓa ba, babu komai, ko da mu mun ga kamar ya same shi. Shi ya sa wani lokaci mukan yi ihu cewa gem ya cuce mu. A Minecraft na kwamfuta, wato Java Edition, idan muka danna F3 da B tare, akwatunan za su bayyana.

Aggro kuwa shi ne hankalin maƙiyi ya dawo kanka. Kamar karen unguwa ne da ke kwance abinsa, sai ka jefe shi da dutse ya biyo ka. Akwai wani dogon baƙin dodo mai suna Enderman. Ba ruwansa da kowa, amma da zarar ka kalli fuskarsa, ka jawo wa kanka. Alamar ita ce zai buɗe baki yana karkarwa, sannan ya taso maka.

Cooldown shi ne ɗan lokacin jira kafin makami ya sake yin aiki sosai. A Java Edition, takobi na buƙatar fiye da rabin daƙiƙa kaɗan kafin ƙarfinsa ya dawo, gatari kuma ya fi shi daɗewa. Akwai 'yar alama a tsakiyar allo da ke cika a hankali. Wanda ya yi ta dannawa kafin ta cika, saransa ba zai yi ƙarfi ba.

Yanzu mu haɗa su. A ce mun kalli Enderman ya taso mana. Tsayinsa ya kusa bulo 3, namu kuwa bai kai 2 ba. Sai mu shige ƙarƙashin rufi mai tsayin bulo 2. Akwatinsa ba zai shiga ba, namu ya shiga. Sai mu matsa ciki inda hannunsa ba zai kai ba, mu sari ƙafafunsa, mu jira alamar ta cika, mu sake sara. In mun tsaya a bakin rufin, zai iya dukanmu.

Saboda haka idan an kashe mu a gem, kafin mu ɗora wa waya laifi, mu tambayi kanmu abu uku: akwatin ya taɓu? Wa ya tsokano dodon? Mun jira makamin ya huta?