Gajeren bidiyo ƙofa ne: yadda ake jan mai kallo zuwa ga dogon

A fadojin matasa na Sabon Gari, a birnin Maraɗi, akwai kukan da ake yawan ji daga masu ɗora bidiyo a YouTube: gajeren bidiyo ya samu dubban masu kallo cikin kwana biyu, amma dogon da aka ɓata mako guda ana haɗawa yana nan babu mai leƙawa. An ƙona forfe, an ƙarar da cajin waya, riba kuwa babu. Galibi laifin ba na dogon bidiyon ba ne. An yi gajeren ne ba tare da an buɗe masa hanyar da za ta kai mutum ga dogon ba.

Sai an fara gane halin mai kallon. Wanda yake kallon Shorts bai zaɓi bidiyonka ba, manhaja ce ta miƙo masa shi yana cikin murza allo da ɗan yatsa. Bai san sunanka ba, kuma da ya gama sai ya wuce. Wanda ya buɗe bidiyon minti goma sha biyu kuwa da niyya ya zo, yana neman amsar wata tambaya. Don haka aikin gajeren bidiyo ɗaya ne: ya haifar da wannan tambaya a zuciyar baƙo, sannan ya nuna masa inda amsar take.

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi yana da ƴar gonar zogale a fadamar Jiratawa, yana son masu saye daga Maraɗi da Tibiri su san aikinsa. Ya shirya bidiyon minti goma sha biyu a kan yadda ake shanya ganyen zogale ya bushe bai rasa korensa ba: tsinka, wankewa, shimfiɗawa a inuwa inda iska ke kaɗawa, da adanawa.

Tanadin wahala yana farawa tun ranar ɗauka. Dogon bidiyo a kwance yake, gajere kuma a tsaye. Idan aka yanko hoton tsaye daga na kwance, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ne kawai yake saura. Saboda haka duk abin da ake son nunawa, hannu ne ko faifan ganye, a ajiye shi a tsakiyar hoto. Wanda ya kiyaye wannan ba sai ya sake hawa babur ya koma gona don ɗaukar gajeren ba. Fita ɗaya ta wadatar, daga dogon zai yanko gajeru biyu ko uku.

Wane guntu za a yanko? Ba farkon bidiyon ba, inda ake sallama da gaishe-gaishe. Gaisuwa ladabi ce, amma baƙon da ke murza allo ba zai jira ta ba. Matashin nan sai ya fara da hannuwansa biyu: ɗaya da ganyen da aka shanya a rana ya koɗe, ɗayan da wanda aka shanya a inuwa, kore shar. Ya ce daga bishiya ɗaya aka tsinko su, ya faɗi dalilin bambancin, wato rana. Wannan cikakken amfani ne, mai kallo bai tashi hannu rabbana ba. Amma wata tambaya ta taso masa: to a inuwar yaya ake yi kada ganyen ya yi fumfuna? A nan ne zai ce amsar tana cikin dogon, ya nuna da yatsa inda za a latsa. Tun watan Oktoban 2024 YouTube yana karɓar Shorts har na minti uku, sai dai wannan saƙo bai buƙaci fiye da sakan talatin ko arba'in ba. In ka juye dukkan bayanin a gajeren, me zai kai mutum ga dogon?

Sai maganar ƙofar kanta, inda da yawa suke tuntuɓe. Har yanzu ana jin masu cewa a duba adireshin a ƙarƙashin bidiyo. Alhali tun ranar 31 ga Agustan 2023 adireshin da aka rubuta a bayanin Shorts ko a sharhinsa ba ya latsuwa, YouTube ya rufe wannan hanya saboda ƴan damfara. Abin da ke aiki shi ne wurin da ake kira Related video a cikin YouTube Studio. Ka buɗe bayanan gajeren bidiyon, ka zaɓi dogon daga tasharka, ka adana. Sunansa zai fito a jikin allo kusa da sunan tashar, latsawa ɗaya ta kai mutum can. Idan wurin ya ƙi buɗuwa, tasharka ce ba ta samu abin da ake kira advanced features ba tukuna, sai ka bi matakan tantancewa da ke cikin saitin tashar. Ka kuma ɗora dogon kafin gajeren, domin ƙofar da ba ɗaki a bayanta ba ta da amfani.

A nan gida akwai ƙofa ta biyu, wato Status na WhatsApp, inda adireshi yake latsuwa. Guntun da ka riga ka yanka sai ka sa shi can tare da adireshin dogon. Amma a san iyakarsa: masu lambarka ne kawai za su gani. Yana dawo da waɗanda suka san ka, ba ya kawo baƙi.

Ta yaya za a gane ko abin ya yi? Ba da adadin kallon gajeren ba. Tun ƙarshen watan Maris na 2025, da zarar Shorts ya fara tafiya a allo ana ƙirga shi a matsayin kallo, ko da mutum ya ture shi nan take. Ka buɗe ƙididdigar dogon bidiyon, ka duba daga ina masu kallonsa suka shigo. Mu ƙaddara matashin nan ya saki gajeru biyu. Na farko barkwanci ne da abokinsa a gona, an kalla sau 20,000, mutum 40 suka tsallaka. Na biyu shi ne na ganyen nan biyu, an kalla sau 3,000, mutum 150 suka tsallaka. Na farko ya kawo biyu cikin dubu, na biyu hamsin cikin dubu. Wanda ya fi tashe shi ne ya fi cin wahalar banza.

Ƙididdigar tana kuma nuna inda ciwon yake. Idan mafi yawa suna ture gajeren tun farko, sakan biyun farko ne ba su kama ba. Idan suna kallo har ƙarshe amma ba sa latsawa, ko dai ka ba su komai, ko ba ka faɗi inda za a latsa ba. Idan kuwa suna tsallakawa amma suna ficewa daga dogon cikin rabin minti, alkawari ne ba a cika ba: an ce musu maganar fumfuna, sun tarar da doguwar gabatarwa. Mai kallo a Maraɗi da kuɗinsa yake sayen kowane mega, kuma dogon bidiyo ya fi cin forfe. Don haka tun a mintin farko a taɓo abin da ya kawo shi.

Gajeru uku daga dogo ɗaya, ana sakinsu da tazarar kwana biyu ko uku, sun isa gwaji. Bayan mako biyu a duba wanda ya fi tsallakar da mutane. Irin tambayar da ya tayar, ita ce za ta zama kan dogon bidiyo na gaba.