Agola da Sunan Mijin Uwa: Matakan da Dokar Nijeriya Ta Shimfiɗa

Galibi a ofishin shugaban makaranta maganar ke tasowa. An kawo yaro za a sa shi aji ɗaya, malami ya ɗauki biro ya tambayi sunan mahaifi, sai uwa ta dubi mijinta. Shi ke ci da yaron, shi ke shayar da shi, shi ke kai shi asibiti, yaron ma Baba yake ce masa. Mahaifin kuwa ko ya rasu, ko an rabu da shi tun yaron yana goye. Nan take a rubuta sunan mijin uwa a rajista, kowa ya tafi gida hankali kwance. Sai bayan shekara goma, lokacin cike takardar jarrabawar fita ko neman fasfo, a tarar takardar haihuwa tana ɗauke da wani suna, takardun makaranta suna ɗauke da wani.

Abin ya fi nauyi a ƙasar Hausa saboda yadda ake sa suna. Bahaushe ba shi da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni. Abin da yake rubutawa a gurbin suna na biyu sunan mahaifinsa ne na yanka, ko kuma sunan garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Don haka duk wanda ya ga sunan mutum a bayan na yaro, ɗauka zai yi shi ya haife shi.

Doka kuwa ta raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Sauya suna daban, mayar da yaro ɗa a idon doka daban, kuma kowanne da ƙofarsa.

Ƙofa ta farko ita ce ta sauya suna kawai. Tunda yaron bai kai shekara 18 ba, mai iko da shi ne zai yi a madadinsa. Uwa za ta je rajistarar babbar kotu ta yi takardar rantsuwa, wadda aka fi sani da afidabit, a gaban kwamishinan rantsuwa, ta faɗi tsohon sunan da sabon da dalilin sauyin. Daga nan sai a buga sanarwa a jaridar da ke zagaya ƙasa, a adana shafin gaba ɗaya da kwanan watansa. Lauyoyi suna ƙara matakai biyu: takardar sauya suna mai sa hannu da shaidu wadda lauya ke tsarawa, da kuma buga sauyin a gazet, wato jaridar gwamnati.

Shari'ar da ta sa aka daina raina waɗannan matakai biyu ta faru ne a kan Jihar Bayelsa. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon saboda mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, wanda sunayen da ke takardunsa na makaranta suka saɓa wa juna. Ya dogara da takardun rantsuwa wajen nuna cewa duk shi ne, kotu ta ce rantsuwa ba ta gyara sunan da ke kan takardar shaida, hukumar da ta ba da takardar ce ke da ikon gyarawa. Darasin ga iyaye a fili yake: bayan rantsuwa da sanarwa, sai an bi hukumomi ɗaya bayan ɗaya. A fara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ba da takardar haihuwa, sai NIMC mai riƙe da lambar NIN, sannan makaranta. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma ofishin fasfo da bayanan NIN yake aiki. Mafi sauƙi a gama komai kafin yaro ya rubuta jarrabawar fita sakandare, domin gyaran suna a kan takardar da aka riga aka buga aiki ne mai wuya.

Wannan ƙofa tana da iyaka. Ba ta cire mahaifi daga matsayinsa, ba ta kuma ba mijin uwa ikon komai a kan yaron. Idan mahaifin yana raye, ana buƙatar yardarsa a rubuce, domin in aka yi a bayan idonsa yana iya kai ƙara, kotu kuma ta duba maslahar yaro ta umarci a mayar da suna yadda yake. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni, wato mijin uwa ya je ya rantse cewa shi ya haifi yaron don a ba shi sabuwar takardar haihuwa. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ga shi kuma yaron ya tashi da takardun haihuwa biyu masu ƙaryata juna.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kotu, inda ake mayar da yaro ɗan mutum gaba ɗaya. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta yi bayaninta a sashe na 125 zuwa na 148. Dokar tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuma kowace ta yi tata, wasu da gyare-gyare masu yawa don su dace da addini da al'ada. Saboda haka abu na farko da lauya zai duba shi ne dokar jihar da yaron yake zaune.

A ɗauki misalin magidanci mai shekara 32 a Abuja wanda ya auri bazawara mai ɗa ɗan shekara 9. Dokar ta ce mai nema ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da aƙalla shekara 21. Tsakaninsu shekara 23 ne, ya tsallake. Da yaron ɗan shekara 12 ne, da tazarar ta tsaya a 20, da maganar ta tsaya tun daga nan. Dole kuma ya zama ɗan Nijeriya, mazaunin inda yaron yake, wanda ya shekara biyar a can, kuma tunda yana da aure sai da yardar matarsa.

Sai batun lokaci, wanda shi ya fi ba mutane mamaki. Mai nema zai sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarsa aƙalla wata 12 kafin kotu ta yanke hukunci, kuma yaron ya kasance a hannunsa wata uku a jere kafin ranar hukuncin. Wanda ya tashi neman wannan takarda saura wata biyu a yi tafiya waje, ya makara.

Takardar neman tana zuwa kotun iyali tare da shaidar aure, da takardar haihuwar mai nema ko rantsuwar shekaru, da hotunan fasfo biyu, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Kotu za ta tura jami'ai su bincika. Sukan zo gida su ga inda yaron yake kwana, su tambayi abin da maigida yake samu, su zauna da yaron su ji ta bakinsa. Ɗan shekara 9 ya isa a tambaye shi ko yana so, alƙali kuma yana la'akari da amsarsa gwargwadon hankalinsa.

Inda yawancin buƙatu ke cijewa shi ne wajen mahaifi. Dokar ta yarda a ba da yaro ne ta fuska biyu: ko iyayensa sun amince, ko mai kula da shi in ba su raye, ko kuma an tabbatar an yi watsi da shi, ko ana gallaza masa, kuma akwai dalili mai ƙarfi na maslaharsa. Uwa ta ce “ai bai taɓa aiko da ko sabulu ba” bai wadatar ba, sai an kawo hujja da shaidu. Idan mahaifin ya sa hannu, ya kamata ya san abin da ya sallama, domin da zarar hukunci ya fita, haƙƙinsa da nauyinsa na riƙo da ciyarwa da tarbiyya sun koma kan sabon uban. Za a shigar da yaron a rajistar da dokar ta tanada don irin waɗannan yara, kuma da kwafin hukuncin ake zuwa Hukumar Ƙidaya da NIMC a daidaita sunan. A ƙarƙashin wannan doka yaron yana gadon sabon uban kamar ɗan cikinsa.

Ga iyalin Musulmi akwai wata tambaya da ke gaban duk waɗannan. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW) har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu, ya koma Zaidu ɗan Harisa. A kan wannan malamai suka hana jingina yaro ga wanda bai haife shi ba. Abin da Musulunci ya buɗe, ya kuma kwaɗaitar a kansa, shi ne kafala, wato riƙo: a ɗauki nauyin yaro dukansa, sunan mahaifinsa yana nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Wannan yana da tasiri a aikace. Rabon gado na Musulunci nasaba yake bi, don haka agola yana gadon mahaifinsa ko da wane suna ke kan katinsa, ba ya kuma gadon mijin uwarsa. Wanda yake son ya bar masa wani abu yana da hanya biyu: ya yi masa kyauta yana raye ya damƙa masa, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba. Idan agolar mace ce, ranar ɗaurin aurenta waliccin yana wajen mahaifinta ko danginsa, sai dai su wakilta wanda ya riƙe ta, abin da dangi masu kara sukan yi.

Sau da yawa abin da mijin uwa yake nema shi ne ikon sa hannu a makaranta da asibiti da ofishin fasfo, kuma ana samun wannan ba tare da an taɓa suna ba. Zai iya neman kotu ta naɗa shi mai kula da yaron, a kotun iyali ko kotun shari'ar Musulunci gwargwadon tsarin jiharsa, ya riƙe kwafin umarnin yana nunawa duk inda aka tambaya. Iyalan da ke son yaran gida su yi tarayya a suna ɗaya kuwa, wasu kan bi tsohuwar al'ada su ƙara sunan gari a ƙarshe, sunan mahaifin kowane yaro yana tsakiya. Ko wannan ƙarin ma sauyin suna ne a wajen hukuma, sai an bi ta rantsuwa da sanarwa da gyara a NIMC kafin a rubuta shi a takardar jarrabawa.