Saƙon Kaka Mai Dogon Shiru

Wani dattijo a Funtuwa, wanda ya haura shekara 70, jikokinsa sun haɗa kuɗi sun saya masa babbar waya, suka buɗe masa WhatsApp. Ajami ya iya, boko kuwa da ƙyar yake haɗa baƙi, don haka saƙon murya suka koya masa: ya danna alamar makirufo ya riƙe, ya yi magana, ya saki.

Saƙon farko da ya isa ga jikarsa da ke karatu a Zariya ya kai minti uku. "Salamu alaikum." Sai shiru. Can an jima, "Amarya, kin tashi lafiya?" Sai wani shirun, babu abin da ake ji sai kukan akuya da motsin carbi. Ta ɗauka wayar ce ta lalace.

Lafiyar waya lau. Tsohon jiran amsa yake yi. Gaisuwar Bahaushe ba a yin ta a tafi ɗaya: ka yi sallama a amsa, ka tambayi gajiya a ce babu, sannan ka tambayi mutanen gida. A wurin mutumin da ya tashi a haka, zarcewa da magana ba a amsa maka sallama ba rashin ladabi ne. Ni dai ban ga gazawa a nan ba. Tarbiyya ce ta haɗu da na'urar da ba ta amsa gaisuwa.

Akwai kuma shirun da hannu ke jawowa. In yatsa ya zame sama yayin danna makirufo, ɗaukar murya takan kulle ta ci gaba ko an saki, har mai waya ya ajiye ta a kan buzu tana ta ɗauka. Wani lokacin kuma tafin hannu ne ke toshe ɗan ramin makirufo da ke gindin waya, ko ƙura ta cike shi. Bambancewa ba wuya. Zanen da ke jikin saƙon yakan yi tudu inda aka yi magana, ya kwanta inda aka yi shiru. In tudu da kwance suna bin juna, Kaka na jiran amsa. In ya kwanta daga farko har ƙarshe, a duba ramin.

Jikar ce ta gano bakin zaren da ta zo hutu. Ta ce, "Kaka, ka tuna kaset ɗin da kuke ɗauka ku ba alhazai su kai wa 'yan uwa Makka? Haka wannan yake." Nan take ya gane. Ta kuma nuna masa yadda zai kulle ɗaukar da gangan, ya tsayar, ya saurari kansa kafin ya tura.

Yanzu yakan jero gaisuwarsa gaba ɗaya, ya bi da labarin damina da addu'a. Jikokin kuma sun saba fara nasu saƙon da amsa sallamarsa, sannan su bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.