Abin da lambar +2.00 take nufi a jikin tabaran karatu

Duk wanda ya haura shekara 40, ya fara nesanta takarda da fuskarsa kafin ya iya karantawa, ya san tabaran karatun da ake sayarwa a kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A jikinsa akan ga lamba irin +2.00. Lissafin da ke bayan wannan lamba shi ne wanda ɗalibai ke gamuwa da shi a jarrabawar WAEC da NECO.

Gilashin yana da kauri a tsakiya, don haka yana tattara haske. Idan aka raba santimita 100 da lambar, za a sami nisan matattarar haskensa, wato f. Na +2.00 santimita 50 ne. Ana iya tabbatarwa a rana: hasken zai dunƙule a ɗigo ɗaya a daidai wannan nisa.

Ƙa'idar ita ce 1/f = 1/u + 1/v, inda u yake nisan abu daga gilashi, v kuma nisan hotonsa. A wannan tsari, nisan hoton da za a iya kamawa a bango yana ɗaukar alamar tarawa, na wanda ido kawai ke gani kuma alamar ɗebewa.

A ɗauka ma'aikaci ya riƙe takarda a santimita 25. Sai 1/v = 1/50 − 1/25 = −1/50, wato v = −50. Alamar ɗebewar tana nuna hoton yana ɓangaren takardar, a tsaye, a nisan santimita 50, inda idon da ya gaji yake iya gani tar. Girmansa, m = v/u ba tare da alama ba, ninki 2 ne. Amma da yake nisansa ma ya ninka, haruffa ba sa cika ido fiye da da. Fitowa kawai suke yi sarai.

Zane yana gaskata lissafin. Daga saman abin, a ja layi ɗaya a miƙe zuwa gilashi, ya karya ya bi ta matattara. A ja na biyu ta tsakiyar gilashi, ba ya karyewa. A nan layukan suna rabuwa ne, sai an ja su baya suke haɗuwa.

Da a ce fitila ce a santimita 75, sai 1/v = 1/50 − 1/75 = 1/150. Ninkin dai 2 ne, amma hoton zai faɗa bango a santimita 150, kansa a ƙasa. Alama ce kaɗai ta raba su.

Wasu littattafai suna amfani da 1/f = 1/v − 1/u, inda u ke ɗaukar alamar ɗebewa. Gauraya tsarin biyu ne ke kayar da ɗalibai, kuma saɓani tsakanin zane da lissafi ne ke tona kuskuren.

Lissafin yana da iyaka: bai kula da kaurin gilashi ba, kuma tabaran kasuwa lamba ɗaya yake ba idanu biyu, alhali sau da yawa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wannan sai gwaji a asibitin ido.