Yadda ake karanta jadawalin farashin hatsi kafin a zaɓi watan buɗe sito

Da zarar kaka ta wuce, hotunan jadawalin farashin amfanin gona kan fara yawo a zaurukan WhatsApp na manoma da 'yan kasuwa. Wani ne ya ɗauko hoton daga fuskar wayarsa ya tura, wani kuma ya tura gaba, har ya iso hannun mai masara buhu 50 a sito a kusa da Taminus, cibiyar hada-hadar kasuwanci ta birnin Jos.

Abin da ido ke fara kamawa a irin wannan hoto shi ne inda layin farashi ya fi tashi sama, kuma nan take zuciya ke raya wa mai hatsi cewa wannan ne watan sayarwa. Sai dai watan da farashi ya kai ƙololuwa ba kasafai yake zama watan da riba ta fi yawa ba, domin kowane wata da buhu ya yi a ajiye yana cin kuɗi, kuma jadawali ba ya nuna wannan kuɗin.

Abin da za a fara dubawa

Kafin a kalli layin kansa, sai a karanta rubutun da ke gefen hoton da samansa. Na farko shi ne ma'auni. Idan an rubuta "NGN/kg", farashin kilo ɗaya ake nufi. Idan "NGN/MT" ne, farashin tan ɗaya ne, wato kilo 1,000. Naira 620 a kan kilo ita ce naira 62,000 a kan buhu mai kilo 100, ita ce kuma naira 620,000 a kan tan. A Taminus da mudu ake auna wa masu saye, kuma cikar buhu ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka ya kamata mai hatsi ya ɗora buhunsa a kan sikeli ya san nauyinsa na gaskiya.

Na biyu shi ne ko farashin sari ne ko na ɗai-ɗai. Kalmar "Wholesale" tana nufin sari, "Retail" kuwa farashin da mai cefane ke biya. Rahoton farashin kayan abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa wata-wata na ɗai-ɗai ne, kuma yakan fito ne bayan watan da yake magana a kai ya wuce. Wanda zai sayar da buhu 50 a lokaci guda ba zai samu farashin mai mudu ba, domin a cikin wancan farashin akwai kuɗin mota, da dako, da ribar dillali da ta mai awo.

Na uku shi ne kasuwar da aka ɗauki farashin. Jadawalan da shirin FEWS NET ke wallafawa kan Najeriya suna bin manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano da Saminaka ta Jihar Kaduna. Saminaka ta fi kusa da Jos, tana kan hanyar da ta bi ta Jengre, kuma yanki ne na masara, don haka motsin farashinta ya fi kama da abin da ɗan kasuwar Jos zai gani. Duk da haka, lambar da ke jadawalin ta Saminaka ce, sai an haɗa da kuɗin mota da lodi kafin a kwatanta ta da ta Taminus.

Na huɗu shi ne shekara. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya sau da yawa yakan yanke sama ko ƙasa, inda sunan kasuwa da kwanan wata suke. Jadawalin da babu shekara a jikinsa, ko babu sunan wanda ya tattara shi, bai cancanci a ɗora dukiya a kansa ba, sai a nemi wanda ya turo ya kawo cikakkensa.

Siffar layi ake bi, ba lambarsa ba

A ƙasan jadawali ake jera watanni, a gefen hagu kuma farashi. A nan akwai wata ruɗarwa ta ido. Idan lambobin gefen hagu suka fara daga 35,000 maimakon sifili, ƙarin naira 5,000 zai bayyana kamar dutse, alhali bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Maganin wannan shi ne a ɗauki biro a rubuta farashin kowane wata a takarda, a daina dogaro da tsayin layi.

Jadawalai da dama suna ɗauke da layuka uku: na bana, na bara, da matsakaicin shekaru biyar, wanda akan rubuta "5-year average". Wannan na ukun shi ne ke nuna al'adar kasuwa. A Arewa farashin masara yakan faɗi a lokacin girbi, daga Oktoba zuwa Disamba, ya riƙa hawa a rani da bazara yayin da rumbuna ke raguwa, ya kai ƙarshen hawansa a tsakiyar damina, sannan ya karye da shigowar sabuwar masara.

Amma lambobin matsakaicin shekaru biyar ba su da amfani sosai a yanzu, domin darajar naira ta sauya ƙwarai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin farashin canji a watan Yuni na shekarar. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta sanya hauhawar farashin abinci a kashi 40.87 cikin 100. A irin wannan shekara layi yana hawa ne saboda kuɗi na rage daraja, ba don ƙarancin hatsi kaɗai ba, kuma takin da za a saya da kuɗin shi ma ya hau. Abin da za a ɗauka daga tsohon layi shi ne watan da ya saba juyawa, da kuma kashi nawa cikin 100 farashi ya saba ƙaruwa daga kaka zuwa damina.

Layin da mai hatsi zai zana da kansa

A ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai, ba farashin wata shekara ba. Ɗan kasuwa ya sayi masara buhu 50 a kasuwar Mangu a watan Nuwamba, kowane buhu naira 40,000. Sabon buhu, da mota, da dako zuwa sitonsa a Jos sun ci naira 2,000 a kan kowane buhu, jarinsa ya zama 42,000.

Daga nan kowane wata yana da nasa kuɗin. Hayar sito da gadi naira 300 a kan buhu. Raguwar nauyi saboda bushewa, da ƙwari, da ɓeraye kimanin naira 500. Sai kuɗin da jarin ya kwanta, wato abin da zai biya a kan bashi, ko ribar da kuɗin za su kawo da yana juya su a wani kaya, a ce naira 1,200. Jimilla naira 2,000 ke nan a kowane wata. Manomin da ya noma masararsa da kansa shi ma haka zai lissafa, ya ɗauki farashin kaka a matsayin jarinsa, tunda kuɗin da ya ƙi karɓa ne.

Bayan ya duba siffar jadawalin ya daidaita ta da farashin Jos, abin da yake sa rai shi ne 53,000 a Afrilu, 57,500 a Mayu, 61,000 a Yuni, 62,500 a Yuli, 63,000 a Agusta, sai 52,000 a Satumba. Ga mai kallon hoto kawai, Agusta ne gwarzon watanni.

Lissafi kuwa wani abu daban yake faɗa. A Afrilu, bayan wata biyar, buhu ya tsaya masa a kan 52,000, ribarsa 1,000. A Mayu riba ta kai 3,500. A Yuni buhu ya tsaya a kan 56,000, riba 5,000. A Yuli ta sauko zuwa 4,500, a Agusta kuma 3,000, duk da cewa farashin ya fi na kowane wata. Idan ya makara har Satumba, buhu ya tsaya a kan 62,000, zai yi asarar 10,000 a kan kowane ɗaya.

A kan buhu 50, wanda ya sayar a Yuni ya tashi da ribar naira 250,000, wanda ya jira ƙololuwar Agusta ya samu 150,000, wanda ya zarce zuwa Satumba ya yi asarar 500,000. Ƙa'idar da ta fito daga nan mai sauƙi ce: ana ci gaba da ajiya ne muddin ƙarin da ake sa rai a wata mai zuwa ya fi kuɗin ajiyar wata guda. Daga Mayu zuwa Yuni ƙarin 3,500 ne, ya fi 2,000, jira ya yi amfani. Daga Yuni zuwa Yuli ƙarin 1,500 ne kacal, lokacin buɗe sito ya yi.

Abin da ke iya rushe lissafin

Sanyin tsaunukan Jos yana rage saurin hayayyafar ƙwari idan aka kwatanta da wurare masu zafi, amma daminar Filato tana farawa da wuri, tun wajen Afrilu, kuma Yuli da Agusta watannin ruwa ne da laima. Masarar da aka ajiye ba ta bushe zuwa danshin kashi 13 cikin 100 ba, ko aka jibge ta a kan siminti ba tare da katako a ƙasa ba, tana iya yin funfuna. Warin ruma, da garin masara a gindin buhu, da ɗumi idan aka tura hannu ciki, duk alamu ne cewa kuɗin ajiya ya wuce yadda aka lissafa, kuma mai saye zai rage farashi. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma sai hatsin ya bushe sosai kafin a ɗaure.

Sannan jadawali labarin jiya ne. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, da alkama, da wake, da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. A shekarar 2025 farashin hatsi ya sauka ƙasa da na shekarar da ta gabata, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka sayi kaya da tsada a kaka suka ajiye ba su ga hawan da suka saba gani ba. Alamar irin wannan shekara tana bayyana da wuri: idan layin bana ya kwanta ko ya sunkuya a Fabrairu da Maris, lokacin da tsofaffin layuka ke hawa, to ba ya bin al'ada, kuma kowane watan jira ƙarin asara ne.

Shi ya sa raba kaya ya fi zuba su duka a kan wata guda. A misalin da ya gabata, sayar da buhu 15 a Mayu, 25 a Yuni, da 10 a farkon Yuli zai kawo ribar naira 222,500. Ta gaza ta Yuni da naira 27,500, amma ta kare mai kaya idan farashi ya karye kafin lokacinsa. Kafin kowane kashi ya fita, kiran waya ga dillalin Mangu, da na Jengre, da na Saminaka a ranar kasuwa shi ne zai tabbatar ko layin da ke cikin hoton har yanzu yana tafiya tare da farashin da ake biya a hannu.